Abinci mai tauri na tsaya mini a ƙirji, likita ya ce in yi hoton bariyam

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne mai shekara 48, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Na fi shekara goma ina fama da zafin ƙirji da gyatsa mai tsami, ina shan kanwa ko maganin olsa daga kemis. Wata takwas ke nan idan na ci nama ko burodi sai in ji ya tsaya mini a ƙirji har sai na kora da ruwa, yanzu kuma har tuwon shinkafa ya fara yi mini haka, amma fura da kunu suna wucewa lafiya lau. Ban rame sosai ba, sai dai wandona ya ɗan yi mini yawa. Likita ya rubuta mini hoton da ake shan wani farin ruwa mai suna bariyam, yayana kuma ya ce beli ne, in je wurin wanzami kawai. Ina tsoron kada a ce ciwon daji ne. Mene ne wannan hoton yake nunawa, kuma ya wajaba in yi shi?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ka lafiya.

Shawarata ta farko ita ce ka yi wannan hoto cikin makon nan ko mai zuwa, kuma ka ba yayanka haƙuri game da batun wanzami. Beli yana can sama a ƙarshen ganɗa, inda kowa zai iya hango shi idan ka buɗe baki, alhali wurin da loma take tsaya maka yana can ƙasa bayan ƙashin ƙirji, inda askar wanzami ba ta kaiwa. Yanke beli ba zai buɗe hanyar da ta tsuke ba, sai dai ya ƙara maka ciwo da zubar jini, sannan ya cinye maka makonnin da ya kamata a ce an gano ainihin matsalar a cikinsu.

Abin da ake kira hanyar abinci bututu ne na tsoka mai tsawon kusan santimita 25 a jikin babban mutum, ya taso daga ƙasan maƙogwaro, ya bi ta bayan hanyar numfashi da zuciya, ya huda tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ya shiga tumbi. Loma ba faɗawa take yi da nauyinta ba, tsokar bututun ce take matsa ta daga sama zuwa ƙasa, kamar yadda mace take matse ƙullu a leda. Idan bututun yana lafiya, yana iya buɗewa ya kai faɗin santimita biyu ko fiye, shi ya sa mutum yake haɗiye tsokar balangu ba tare da ya san ta wuce ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa idan faɗin ya ragu ya koma ƙasa da milimita 13, wato kusan kaurin kan ɗan ƙaramin yatsan babban mutum, to kusan kowa zai fara jin abinci mai tauri yana tsaya masa. Akwai ɗan lissafi a nan da yake bayyana dalilin da abin yake tsananta: idan faɗin bututu ya ragu daga milimita 20 zuwa 10, filin da abinci zai bi ba rabi ya rage ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya rage. Ruwa da kunu ba su damu da wannan ba, domin ko ta ƙaramar kafa suna zurarewa, amma nama da burodi, waɗanda ba sa narkewa da wuri kuma suke dunƙulewa, su ne suke fara makalewa.

Wannan bambanci tsakanin abu mai tauri da abu mai ruwa shi ne abin da likita yake fara kamawa, kuma yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suke zato. Idan mai tauri ne kaɗai yake tsayawa da farko, daga baya mai laushi ya bi sahu, to alama ce ta cewa hanyar ce take tsukewa a hankali. Idan kuwa tun ranar farko ruwa da tuwo duk suna tsayawa tare, to an fi zargin cewa hanyar ba tsukewa ta yi ba, tsokar ce ko jijiyoyinta suka daina aiki daidai. Idan kuma mutum yana ƙwarewa ne da zarar ya fara haɗiya, yana tari, ruwa yana fitowa ta hanci, to matsalar tana can sama a maƙogwaro, kamar yadda ake gani ga wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki. Naka ya faɗa cikin kashi na farko, saboda haka tambayar da ta rage ita ce abin da ya tsuke hanyar.

A wurin mai tarihi irin naka, abin da ya fi zuwa a rai shi ne tabon da ruwan tumbi ya bari. A mahaɗar hanyar abinci da tumbi akwai wani zoben tsoka da yake buɗewa loma ta wuce, sannan ya rufe. Idan zoben ya saki, ruwan tumbi mai tsami yana komowa sama, musamman idan an kwanta da cikakken ciki, kamar yadda da yawa daga cikinmu muke yi bayan tuwon dare ko bayan sahur a watan azumi. Bangon tumbi an halicce shi ya jure wannan ruwa, amma bangon hanyar abinci ba shi da irin wannan kariya, sai ya ƙone, ya warke, ya sake ƙonewa, kuma duk warkewa tana barin tabo. Duk wanda ya taɓa ganin tabon ƙunar wuta a hannun yaro ya san yadda fatar take janyewa ta taƙure, har yatsu su kasa miƙewa. To haka tabon yake yi a cikin bututun, sai dai a nan yana zagaye ne ya ɗaure shi kamar zobe. Kanwa da farin maganin sha na kemis suna kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma ba sa hana ruwan komowa, don haka ƙunar tana ci gaba ko da mutum yana jin sauƙi. Wani abin da yake ruɗar marasa lafiya shi ne, idan hanyar ta tsuke sosai wasu sukan ji zafin ƙirjin ya ragu, sai su ɗauka sun warke, alhali tsukewar ce ta tare ruwan daga hawa sama.

Akwai wasu dalilan da likitanka zai so ya kawar. Wani siririn zobe yakan fito a ƙarshen bututun ta ƙasa, wanda alamarsa ita ce abinci ya tsaya yau, a yi wata biyu lafiya, sannan ya sake tsayawa ranar da aka ci nama cikin gaggawa a wurin biki. Wani siririn tantani kuma yakan fito ta sama, an fi ganinsa ga mata masu ƙarancin jini na rashin sinadarin ƙarfe. Sodar da mata suke haɗa sabulu da ita, idan an narka ta an ajiye a gorar ruwa yaro ko babba ya sha bisa kuskure, tana ƙone bututun ta bar doguwar tsukewa bayan wasu makonni. Ƙwayar magani irin doksisaikilin, idan an haɗiye ta ba ruwa aka kwanta, tana iya manne wa bango ta yi gyambo. Maƙoƙo babba ma yana iya danne hanyar daga waje. Ban ga alamar waɗannan a bayaninka ba, amma idan ɗaya daga ciki ya taɓa faruwa gare ka, ka faɗa wa likita ko da ka ga ya daɗe.

Sai kuma abin da kake tsoro, wanda ba zan ɓoye maka shi ba. Ciwon dajin hanyar abinci yana farawa da irin wannan alama, nama da farko, sannan tuwo, sannan kunu, daga ƙarshe har ruwa. Abin da yakan bambanta shi shi ne sauri da rama: yakan tsananta cikin makonni ko 'yan watanni, mutum ya zube a idon kowa, sha'awar abinci ta ɗauke, wani lokaci murya ta dushe. An fi ganinsa ga waɗanda suka haura shekara hamsin, da masu shan taba ko giya, haka kuma daɗewa da komowar ruwan tumbi kan sauya bangon ƙasan bututun ta yadda haɗarin yake ƙaruwa. Tafiyar hawainiyar da naka yake yi da kuma dogon tarihin zafin ƙirji sun fi karkata ga tabo, wanda ake magancewa, amma batun wandon da ya yi maka yawa bai bar ni na kwantar da hankali gaba ɗaya ba. Yana iya zama don ka rage cin nama da tuwo ne kawai, yana kuma iya zama wani abu daban, kuma babu likitan da zai raba waɗannan biyu da sauraron bayani kaɗai. Ka hau sikeli yau ka rubuta nauyinka da kwanan wata, ka maimaita duk mako, domin lamba ta fi wando faɗin gaskiya a gaban likita.

Dalilin da ya sa ake shan farin ruwan shi ne, hoton ƙirji na yau da kullum yana nuna ƙashi da huhu da inuwar zuciya, amma hanyar abinci nama ce mai laushi wadda take a rufe idan ba a haɗiya, don haka ba ta fitowa. Bariyam gari ne mai nauyi da ake damawa da ruwa, hasken na'urar ba ya ratsa shi, saboda haka duk inda ya bi yana fitowa fari fat a hoton. Ba ya narkewa ya shiga jini, yadda ya shiga haka zai fita ta bayan gida. Ana yin gwajin a sashen ɗaukar hoto na manyan asibitoci, kuma a nan Sakkwato ka fara tambaya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko duk inda likitanka ya tura ka, ka tabbatar da ranar da kuɗin tun kafin ka je.

Za a ce kada ka ci kada ka sha na tsawon awa shida zuwa takwas, wanda yawanci yake nufin daga tsakar dare zuwa safiya. Idan kana da ciwon sukari kana shan magani ko allura, ka tambayi yadda za ka yi da maganin safiyar. Za ka cire riga da duk wani ƙarfe ko laya da ke wuya da ƙirji, a ba ka rigar asibiti, ka tsaya a jikin na'urar riƙe da kofi. Ruwan yana da kauri kamar kunun da ya ɗan huce, ɗanɗanonsa kamar alli, ba shi da daɗi amma ba ya ciwo. Likitan hoton zai ce ka guntsa ka riƙe a baki, sannan ya ce haɗiye, shi kuma yana kallon tafiyarsa a allo kai tsaye tun daga maƙogwaro har tumbi, yana ɗaukar hotuna ta gaba da ta gefe. Daga nan za a kwantar da gadon, ka ci gaba da sha a kwance, domin a kwance ne ake ganin ƙarfin matsawar tsokar ba tare da taimakon nauyi ba, a nan ne kuma bututun yake cika sosai har ƙaramin zobe ya bayyana. A wasu wuraren ana ba da garin da yake sa iska ta buɗe bututun, ko ƙwayar bariyam mai faɗin kusan milimita 13, a ga ko za ta wuce ko za ta tsaya. Idan ta tsaya kuma ka ji irin tsayawar da ka saba ji, ka faɗa nan take, domin wannan shaida ce mai ƙarfi cewa an kama wurin. Duka aikin yakan ɗauki minti goma sha biyar zuwa rabin awa, ba allura, ba maganin barci. Bayan haka bayan gidanka zai yi fari kwana ɗaya zuwa uku, yana kuma iya taurara, saboda haka ka yawaita shan ruwa, balle a irin zafin garinmu. Ba a yi wa mace mai juna biyu wannan hoto, ba a kuma amfani da bariyam idan ana zargin bututun ya huje.

Abin da likitan yake karantawa shi ne siffar farin layin nan. Bari mu ɗauki naka a matsayin misali, mu ce an ga bariyam ya sauko lafiya har zuwa kusa da tumbi, sai layin ya sirance a hankali, gefensa biyu sumul, tsawon wurin bai wuce santimita biyu ba, faɗinsa milimita tara, ƙwayar ta tsaya a kansa, a ƙasansa kuma an ga wani ɓangare na tumbi ya leƙo cikin ƙirji, da aka kwantar da kai bariyam ya komo sama. Wannan ita ce siffar tabon ruwan tumbi, kuma milimita tara ta isa ta bayyana dalilin da tuwo yake tsayawa fura tana wucewa. Idan kuwa layin ya tsuke ne kwatsam, gefensa kaca-kaca kamar wanda ɓera ya gaigaya, da tudu a sama da ƙasa kamar kafaɗa, to wannan siffa ce da take sa a zargi ciwon daji, a kuma gaggauta mataki na gaba. Idan aka ga bututun ya buɗe ya yi faɗi kamar jaka, bariyam ya taru a ciki tare da ragowar abinci, ƙarshensa ya sirance sumul kamar bakin tsuntsu, to wannan ita ce cutar da ake kira akaleshiya, inda zoben ƙasa ya ƙi saki. Siririn zoben nan da na ambata a baya, mai sa abinci ya tsaya jefi-jefi, yakan fito kamar an ɗaure farin layin da siririn zare. Akwai wani amfanin kuma: sau da yawa mutum yakan nuna ramin wuya ya ce nan abinci yake tsayawa, alhali tsukewar tana can ƙasa kusa da tumbi, hoton ne yake faɗin ainihin wurin da tsawonsa.

Iyakar wannan gwaji ita ce inda na fi son ka mai da hankali, domin a nan ne mutane da yawa suke tsayawa a rabin hanya. Bariyam inuwa yake nunawa, ba ya nuna irin naman da ya yi inuwar. Tsukewar da ta fito sumul mafi yawanci tabo ce, amma akan samu ciwon daji ya ɓuya a cikin irinta, haka kuma ƙaramin ciwon da bai taso daga bango ba ko kumburin da bai tsuke hanya sosai ba zai iya wucewa ba a gan shi ba. Saboda haka, ga wanda abinci mai tauri yake tsaya masa kuma abin yana ƙaruwa, ko wane irin sakamako ya fito, har da wanda ya ce komai lafiya, ana buƙatar endoskofi. Wannan siririn tiyo ne mai kyamara da fitila, kaurinsa kusan santimita ɗaya, ana fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro ko a ba da na sa barci kaɗan, a zura shi ta baki a kalli bangon ido da ido, a ɗan tsinko nama kamar ƙwayar gero a kai ɗakin gwaji. Wannan gwajin naman ne kaɗai yake yanke hukunci cewa ciwon daji ne ko ba shi ba ne. A gaskiya likitoci da yawa da endoskofi suke farawa idan yana samuwa, amma fara bariyam ba kuskure ba ne, domin yawanci ya fi araha, kuma yana ba mai zura tiyon taswirar hanya kafin ya shiga. Idan kuɗinka ba zai ɗauki duka biyun ba, ka gaya wa likitanka a fili, ka tambaye shi ko ya fi ka tafi endoskofi kai tsaye. A ganina, idan dole sai ɗaya, endoskofi ya fi cancantar kuɗin.

Idan an tabbatar tabo ne, maganinsa sananne ne. A lokacin endoskofin ana zura balan-balan ko wasu sanduna masu laushi da kaurinsu yake ƙaruwa ɗaya bayan ɗaya, a buɗe wurin kaɗan-kaɗan, domin buɗewa da yawa a zama ɗaya tana iya tsaga bango. Daga milimita tara za a iya kai shi goma sha biyu a zaman farko, a dawo bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara, har ya kai goma sha biyar ko fiye, inda yawancin mutane suke komawa cin abincin gida. Duk wanda aka yi wa buɗewar sannan ya ji ciwon ƙirji mai tsanani, ko zazzaɓi, ko wahalar numfashi, ya koma asibiti a ranar. Bayan haka sai maganin rage tsamin tumbi irin omefrazol, wanda ake sha kusan rabin awa kafin karin kumallo, kuma yawanci na dogon lokaci ne, domin idan an daina tabon yakan dawo. Kuskuren da nake yawan gani shi ne mutum ya sayi wannan magani da kansa, zafin ƙirji ya kwanta, ya fasa zuwa gwaji. Maganin yana kashe tsami, amma ba ya buɗe tabon da ya riga ya ƙulla, kuma ba ya taɓa ciwon daji.

Kafin ranar gwajin, ka rage girman loma, ka tauna sosai, ka ajiye kilishi da tsire da busasshen burodi, ka sa a sassauta tuwo a yawaita miya, ka riƙa shan fura da nono da kunun gyaɗa da ƙwai da wake da aka dafa ya narke don kada jiki ya zube. Ka bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya, ka ɗaga ƙafafun gado na wajen kai da bulo kamar santimita 15 zuwa 20, ka kauce wa magungunan ciwon jiki irin daikulofenak da ibufurofen sai da izinin likita, duk ƙwayar da za ka sha kuma ka bi ta da cikakken kofin ruwa kana zaune. Idan loma ta tsaya ta ƙi wucewa har ka kasa haɗiye yawu, kada ka tura ta da wata lomar ko da yatsa, ka tafi sashen gaggawa, domin a irin wannan hali da endoskofi ake ciro ta, ba a ba da bariyam. Haka nan idan ka yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko ruwa ma ya fara tsayawa, ko muryarka ta dushe, kada ka jira ranar da aka ba ka. Ranar da za ka koma wurin likita, ka tafi da hotunan kansu tare da rubutaccen rahoton, da takardar da kake rubuta nauyinka, da kwalayen duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya.